Idan Ciki Ya Yi Nawa Ga Mai Ciwon Sukari

Muna yawan jin masu ciwon sukari na kukan cewa loma uku kacal sai su ƙoshi, ciki ya kumbura, da yamma kuma su amayar da abincin da suka ci tun safe. Sau da yawa akan ɗauka gyambon ciki ne. Amma ga wanda ya shekara goma ko fiye da sukari, muna zargin nawar tumbi.

Akwai jijiyar da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa tana umartar tumbi ya niƙa abinci ya tura shi hanji. Sukari mai yawa na tsawon shekaru yana lalata ta. Lafiyayyen tumbi kan sallami kusan duk abincinsa cikin awa 4. A asibiti ana ba mutum abincin gwaji a ɗauki hoto, idan fiye da kashi 10 cikin 100 ya rage bayan awa 4, an tabbatar da nawar.

Babban haɗarin yana ga mai allurar insulin. A ɗauki dattijon da ya yi allura mai saurin aiki da ƙarfe 2 bayan Azahar, ya ci kabsa da naman rago. Allurar ta kama aiki cikin kamar minti 15, shinkafar kuwa tana zaune a tumbi. Kafin La'asar sukarinsa ya faɗi ƙasa da 70, ga gumi ga karkarwa. Can da dare abincin ya gangara hanji, allurar ta ƙare, na'ura ta nuna 300. Idan ya ƙara allurar rana don ya ga 300, gobe faɗuwar ta fi ta yau muni. Ya rubuta awon kwana uku ya kai wa likita, shi zai gyara lokacin allurar. In sukari ya faɗi, rabin kofin ruwan lemo mai zaƙi ya fi dabino, domin ruwa ya fi saurin wucewa.

A raba abincin yini kashi 5 ko 6, kowanne kamar rabin abin da aka saba. Maiƙo da harza su ne ke daɗa riƙe tumbi, saboda haka a rage mandi, soye-soye, wake da ɗanyen kabeji. Mun san an saba gaya wa mai sukari ya yawaita ganye, amma a nan sai dafaffe lugub. Kunu ko koko marar sukari, ƙwai, kifi da tuwo mai laushi sun fi sauƙi, kodayake kunun ma a auna shi. A tauna sosai, kada a kwanta sai bayan awa 2.

Allurar mako-mako irin su Ozamfik, da tiramadol da kodin, duk suna rage saurin tumbi. Mai amfani da su ya faɗa wa likita. Maganin amai metokulofuramid yana taimakawa, sai dai daɗewa a kansa kan jawo motsin baki da fuska da ba lallai ya warke ba, don haka ba ma son a sha shi ba da takardar likita ba. Wanda amai ya hana shi riƙe ko ruwa, a kai shi sashen gaggawa a ranar.