Darasi: Yadda Ake Ɗaukar Shatar Mota a Kwashe Kayan Gida Daga Ƙaura Zuwa Gusau

Duk ƙarshen zangon karatu sai ka ga mota a ƙofar wani gida a Ƙaura Namoda, rabin kaya a sama, rabi a ƙasa, mai kaya da direba ana ta cacar baki. Direba na cewa ba haka aka gaya masa yawan kayan ba, mai kaya na cewa ai an gama ciniki. Irin wannan rigima kusan kullum tushenta ɗaya ne: an yi ciniki kafin a san girman aikin. Shi ya sa darasinmu na wannan fitowa zai bi misali guda, na ɗalibi magidanci da ya kammala babbar difloma, zai mayar da iyalinsa da kayan ciki da falo zuwa Gusau, tafiyar kilomita wajen 60.

Fara da awo da ƙirga

A nan yankin namu ba kamfanin kwashe kaya ake kira ba. Mutum uku za ka nema, kowa da aikinsa: direba, 'yan dako da kafinta. Kafin ka nemi ko ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke gidan. A misalinmu akwai gado da katifa ƙafa shida, sif mai ƙofa uku, kujeru saiti ɗaya, firji, tukunyar gas, ƙaramin janareta, buhu biyu na gero, kwali takwas na kwanuka da tangaran, da jaka shida na tufafi.

Sai ka auna manyan kaya uku: katifa, sif da doguwar kujera. Su ne ke zaɓa maka mota. Ƙaramar akori-kura ba za ta kwashe wannan kaya a sawu ɗaya ba, sai biyu. To ga lissafin da mutane ke mantawa: kuɗin shata ya haɗa da dawowar mota ba kaya. Sawu ɗaya zuwa Gusau da dawowa kilomita 120 ne, sawu biyu kuwa 240. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nisan tafiya ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin mota. Saboda haka kanta guda da za ta kwashe komai lokaci ɗaya kan fi sauƙi, ko da kuɗinta na sawu ɗaya ya fi na akori-kura. Ga kuma sauƙin bin hanya sau ɗaya maimakon biyu.

Ciniki a gaban kaya

Ka je tasha ka nemi mota ta hannun shugabannin ƙungiyar direbobi. Za a ci la'ada, gaskiya ne, amma idan matsala ta taso kana da wurin kai ƙara. Kada ka gama ciniki a tasha ko a waya. Ka kawo direba gida ya ga kayan da idonsa, sannan ku tsayar da magana huɗu. Kuɗin ya haɗa da mai? Wa zai biya 'yan lodi a Ƙaura da masu saukewa a Gusau? Wa ke da alhakin abin da ake bayarwa a shingayen hanya? Sannan a ina daidai za a sauke, domin "Gusau" ba adireshi ba ne. Idan gidan na cikin lungun da mota ba ta shiga, sai an nemi masu kura, kuma wannan wani kuɗin ne daban.

'Yan dako kuma a yi jinga da su a kan aikin gaba ɗaya, a faɗi ko su nawa ne. In ba haka ba, mutum uku ka kira, amma a lokacin sallama sai ka ga bakwai, kowa na cewa ya sa hannu. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin mai, cikon sai an sauke an ƙirga. Ka rubuta lambar mota da abin da kuka yarda a kai, ka tura wa direba a waya a gaban shaida.

Ɗaurin kaya

Kwana ɗaya kafin tashi kafinta ya zo ya kwance gado da sif. Kayan ɗaki na zamani da ake yi da matsattsen garin katako ba sa jure jijjiga a haɗe: wurin kusa ne ke ɓarkewa, kuma in ya ɓarke ba ya sake riƙewa kamar da. A zuba kusoshin kowane abu a leda daban, a rubuta sunansa. Madubi a cire shi, a naɗe da bargo, a ɗauke shi a tsaye, kada a kwantar.

Tangaran a naɗe kowanne da takarda ko tsumma, a jera farantai a kan gefensu, a cike gurabe da tufafi. Gwajin mai sauƙi ne: girgiza kwalin, in ka ji ƙara, ɗaurin bai yi ba. Littattafai a ƙananan kwalaye, tufafi a manyan jakunkuna. Kowane kwali da jaka a rubuta masa lamba, daga 1 zuwa 14 a misalinmu.

Firji a kashe shi tun daren jiya, ƙanƙara ta narke, a ɗauke shi a tsaye. Idan aka kwantar da shi, man injinsa kan gangara cikin bututun sanyi. Bayan an sauke a bar shi tsaye na wasu awanni kafin a kunna. Janareta a tsiyaye mansa, tukunyar gas a rufe ta, a cire mata kai, a ɗaure ta a tsaye nesa da janaretan. Takardun makaranta, kuɗi da sarƙoƙin uwargida ba sa shiga bayan mota, a jikinka za su tafi.

Lodi da hanya

Masu nauyi ake fara sawa, a jingine da kan mota: buhunan gero, firji, janareta. Sai allunan gado da sif, katifa a tsaye a gefe ta zama musu matashi, sai kujeru, kwalayen fashewa su zo a sama. Kafin a tashi ka koma baya ka dubi motar. In ta karkata gefe ɗaya ko bayanta ya zauna sosai, a sake lodi. A ja igiya a gicciye, a rufe da tampol ko da rani ne, don ƙura. Da damina kuwa ka ɗaga tampol ɗin sama ka duba ko akwai huda, domin katifar da ta sha ruwa da wuya ta koma daidai.

Kowa ya san halin tsaro a hanyoyinmu. A gama lodi tun daren jiya ko da asuba, a tashi bayan gari ya waye motoci sun fara zirga-zirga, a isa da rana tsaka. Ka tambayi 'yan tasha labarin hanya a safiyar ranar, in sun ce a dakata, a dakata. Wannan ya fi zama dole ga mai nufin Shinkafi ko Zurmi. Mai zuwa Shinkafi ya tuna Alhamis ce ranar kasuwarta, motocin kaya kan yi wuyar samu. Namiji ɗaya daga cikin dangi ya bi motar kaya, iyali su shiga ta haya.

A Gusau kada a sallami kowa sai ka tsaya da takardarka ka ƙirga: kwali takwas, jaka shida, buhu biyu, sannan manyan kaya ɗaya bayan ɗaya. Ka leƙa bayan mota da ƙarƙashin tampol, don nan ledar kusoshi ta fi ɓuya. In lissafi ya cika, ka biya cikon kuɗi, ka ajiye lambar direban.