Yadda Ake Jarraba Dabarar Saye da Sayarwa a Kan Tsohon Farashi Ba Tare da Ruɗin Kai Ba

Aikina shi ne riƙe littafin ciniki na 'yan kasuwar hatsi a nan Kontagora, kuma cikin shekarun nan, tun da wayar hannu ta kawo zanen farashi gaban kowa, na ga matasa masu himma, waɗansu 'ya'yan fatake, waɗansu ɗaliban kwalejin horar da malamai ta tarayya, suna zuwa da dabarar da suka ce sun gwada ta a kan farashin baya sun tarar ba ta faɗuwa. Galibinsu masu gaskiya ne. Abin da ya same su shi ne sun dubi zanen da ya riga ya cika, ido ya ga ƙarshen labari kafin hankali ya yanke hukunci, sai zato ya shige musu a matsayin yaƙini. Ina so in bayyana yadda mutum zai yi wannan jarrabawa da fensir da takarda, ya zama shi ne alƙali a kan dabararsa, alhali kuwa zuciyarsa tana gefen wanda ake tuhuma.

Matakin farko shi ne a rubuta ƙa'idar tun kafin a buɗe littafin farashi, a rubuta ta kamar sharaɗin da ake sa wa hannu gaban shaidu, ta yadda in an miƙa wa mutum biyu da ba su san juna ba, za su saya rana ɗaya su sayar rana ɗaya. Wanda ya ce zai saya in farashi ya fara ɗagawa bai faɗi ƙa'ida ba tukuna, domin lafazin yana karɓar tawili iri-iri, kuma a kowane wuri zuciya za ta zaɓi tawilin da ya kawo riba. Ga irin wadda za a iya jarrabawa. A kowace ranar kasuwa a ɗauki farashin buhun busasshiyar farar masara, a gwada shi da matsakaicin farashin makonni huɗu da suka gabata, ban da na ranar. In ya haura matsakaicin, a saya a kasuwa mai zuwa, in kuwa ya sauka ƙasa da shi, a sayar a kasuwa mai zuwa. Na ambaci irin masarar da gangan, domin sabuwar da ake kawowa da kaka tana da danshi, buhuna kuma ba awonsu ɗaya ba, wanda ya haɗa farashinsu a layi guda zai ga faɗuwa da tashi waɗanda ba su taɓa aukuwa a kasuwa ba.

Sa'an nan a zana farashin a takarda mai gidaje, mako bayan mako daga hagu zuwa dama, a sami kwali a rufe duk abin da ke dama, a riƙa jan shi gida ɗaya kawai, kuma kafin a sake ja a rubuta hukuncin wannan mako da biro, ba da abin da za a iya gogewa ba. In da hali, wani ya riƙe littafin yana karanto farashin ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ɓoye shekarar, domin duk ɗan kasuwar da ya ji an ce 2023 ya riga ya san abin da ya biyo baya.

Bari mu ƙaddara lambobi domin a ga aikin a fili. A makonni huɗu na farko buhu ya kama naira 20,000, sai 20,500, sai 21,000, sai 20,500. Jimlarsu 82,000, matsakaicinsu 20,500. A mako na biyar ya kai 22,000, ya haura matsakaicin, ƙa'ida ta ce a saya. A nan mafi yawan mutane suke zamewa, su rubuta cewa sun saya a 22,000, alhali ba a san farashin ranar ba sai da kasuwa ta ci ta watse, sayen kuwa sai mako na shida, inda buhu ya riga ya kai 23,000. Daga nan ya tafi 25,000, ya kai 27,000, ya dawo 26,500, a mako na goma ya sauka 25,000, matsakaicin makonni huɗun da suka gabace shi kuwa 25,375 ne, saboda haka ƙa'ida ta ce a sayar, aka sayar a mako na goma sha ɗaya a 24,500. Mai kallon cikakken zane zai ga tudu daga 20,000 zuwa 27,000, ransa ya raya masa ribar 7,000, amma abin da ƙa'idar ta kama a haƙiƙa 1,500 ne, domin ɗabi'ar duk ƙa'idar da ta dogara da matsakaici ita ce ta makara wajen shiga, ta kuma makara wajen fita.

Wannan 1,500 ɗin ma ba ta shiga aljihu ba tukuna. Akwai la'adar dillali a saye da sayarwa, da kuɗin 'yan dako a loda da sauke, da hayar sito, da maganin ƙwari, da kuɗin shiga da ake karɓa a kasuwa, ga kuma ramar da hatsi ke yi in ya ƙara bushewa. In muka ƙaddara duka sun kai 1,200 a buhu, saura naira 300 a kan jarin 23,000 cikin makonni biyar, abin da bai kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ba. A littattafan da suka bi ta hannuna, a wannan layi na ɗawainiya ne dabaru masu yawan shiga da fita suke mutuwa. Mai cinikin kuɗin ƙasashen waje a waya shi ma yana da tasa ɗawainiyar, wato tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa da kuɗin da ake cirewa in ciniki ya kwana, kuma zanen da yake kallo ba ya nuna masa su.

Akwai wani ruɗi wanda ya fi wannan zurfi a ƙasarmu, shi ne faɗuwar darajar naira. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki naira a watan Yuni na shekarar, har dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. A irin wannan zamani duk wanda ya sayi hatsi ya ajiye ya ga lambobinsa sun ƙaru, ko da dabara ko babu. Saboda haka ba ya isa hujja a ce ƙa'ida ta kawo riba; wajibi ne a buɗe layi na biyu kusa da nata, a rubuta abin da mutum zai samu in ya bi al'adar da iyayenmu suka sani, ya saya da kaka ya sayar da bazara ko farkon damina, da jari iri ɗaya da ɗawainiya irin tasa. In ƙa'idar ba ta wuce wannan layi ba, to ba ta ƙara kome ba sai wahala. Wajibi ne kuma a sa shekarun da farashi ya karye a cikin gwajin, kamar yadda aka gani a 2025, domin a can ake sanin ko tana fitar da mai ita kafin asara ta yi nisa. Kada kuma a ɗauka cewa cin jarrabawa ya halatta abu. Mas'alar ihtikari, wato ɓoye abinci lokacin ƙunci, da mas'alar riba a cinikin waya, na malaman fiƙihu ne, a kai musu.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne yawan gwaji. Mutum ya gwada makonni huɗu bai ji daɗi ba, ya koma shida, ya koma takwas, ya ƙara sharaɗin cewa ba a saye a watan kaza, har ya dace da wadda ta ci a shekara bakwai cikin goma, sai ya manta da waɗanda ya zubar. To, a lura da wannan hisabi: in aka jefa kwabo sama sau goma, yiwuwar fuska ɗaya da aka zaɓa ta fito sau bakwai ko fiye ta kai wajen ɗaya cikin shida, in kuwa aka maimaita wasan da kwabo goma daban-daban, yiwuwar a sami aƙalla ɗaya da ya yi haka ta kusa kashi 85 cikin ɗari. Manyan masana ma sun gamu da wannan. A 1992 Brock da Lakonishok da LeBaron suka gwada ƙa'idodi 26 a kan ma'aunin hannun jari na Dow Jones daga 1897 zuwa 1986, suka tarar suna da amfani. A 1999 Sullivan da Timmermann da White suka faɗaɗa gwajin zuwa ƙa'idodi 7,846, suka tarar wadda ta fi kowace kyau a shekarun baya ba ta riƙe fifikonta a shekaru goma da suka biyo bayan 1986 ba.

Maganin da na sani kashi biyu ne. A keɓe shafi a rubuta kowace ƙa'ida da aka gwada da sakamakonta, har da waɗanda suka faɗi, domin yawansu shi ke nuna nauyin da za a ba wadda ta ci. Sa'an nan tun farko a raba littafin, a ce shekaru bakwai na gwaji, uku na ƙarshe a naɗe a ba wani amana, kada a buɗe su sai an tsai da ƙa'ida ɗaya, kuma sau ɗaya tak. In ta faɗi a can aka gyara ta aka sake gwadawa, shekarun nan uku sun daina zama shaida, sun shiga cikin waɗanda aka koya daga gare su.

Bayan an gama, a ƙirga yawan cinikin da ƙa'idar ta haifar, ba yawan makonni ba, domin shekara goma tana da makonni 520 amma kakarta goma ce kawai, kuma ciniki goma sha biyu ba su isa a gina hukunci a kansu ba. A cire ciniki ɗaya mafi riba a sake tarawa. In jimlar ta koma asara, to sa'ar shekara ɗaya aka auna. A duba kuma asara mafi tsawo da ta zo a jere, a tambayi kai ko jarin da ke hannu, musamman in na bashi ne ko na haɗin gwiwa, zai iya ɗaukarta. Wadda ta tsallake duk wannan, shawarata ita ce a bi ta a takarda kaka guda cur, ana rubuta hukunci kafin kowace ranar kasuwa, sa'an nan a fara da buhu kaɗan.