Tambaya da Amsa: Tafasawa, Turarawa ko Suya, Wanne Ya Fi Adana Amfanin Ganye?

Tambaya: Wace hanyar dahuwa ce ta fi adana amfanin ganye kamar alayyahu?

Amsa: Turarawa. Bitamin C yana narkewa cikin ruwa, kuma doguwar dahuwa tana lalata shi. Idan aka tafasa alayyahu aka tsiyaye ruwan, an zubar da kaso mai yawa na bitamin ɗin. A wanke ganyen kafin a yanka, a zuba a madambaci, a rufe na minti 3 zuwa 5. Idan korensa ya dusashe, dahuwar ta zarce.

Tambaya: To, miya fa?

Amsa: Asarar ba ta kai haka ba, domin ana shan ruwan. Sai dai a zuba ganyen daf da saukewa, kuma a guji kanwa, don tana lalata bitamin C.

Tambaya: Suya ba ta da amfani ke nan?

Amsa: Tana da shi. Gajeriyar suya da ɗan mai tana taimaka wa jiki ya sami bitamin A daga karas da alayyahu. Doguwar suya ce ke jawo asara.

Gargaɗi: Turarawa ba ta isa ga ganyen rogo ba. Wajibi ne a daka shi, a tafasa sosai, domin gubarsa ta fita.