Motar lantarki a Minjibir: lissafin yunit kafin lissafin kuɗin mota

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tambayar da ta fi yawa a majalisarmu ita ce ko motar lantarki za ta yi a ƙauye. Wani yayana da ke zuwa kasuwa Kano daga Minjibir ya nuna min bidiyon wata a wayarsa, ya ce min, "Kai ɗan kwamfuta, wannan ba ta shan mai, me za mu jira?" Na ce masa, "Yaya, ba ta shan mai amma tana shan wuta, bari mu ga nawa take sha, kuma a ina za mu samo mata." Lissafin da muka yi ranar shi ne darasinmu na yau, kuma kalkuletar wayarka ta isa ka bi mu.

Yunit nawa take buƙata a rana?

Ka fara da abin da ka sani. Batirin wayar da aka rubuta wa 5000mAh yana riƙe abin da bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na yunit ɗaya ba. Yunit ɗin nan shi ne wanda kake saya a mitar kati, shi ne kuma ake rubutawa kWh a jikin takardar mota. Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, batirinta yunit 64 ne. Wato cika ta daga sifili kamar cajin wayoyi sama da dubu uku ne a lokaci guda.

Kada wannan ya tsorata ka, domin ba kullum ake cika ta ba. Abin da ka ƙona jiya kawai za ka mayar. Mota irin wannan tana cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, gwargwadon gudu da kaya da na'urar sanyi. A zafinmu babu mai tafiya gilashi a rufe ba sanyi, don haka mu ɗauki 17.

Mu ce yayana ya tashi daga Minjibir ya shiga Kano, ya ɗan zaga cikin gari, ya dawo da yamma, jimilla kilomita 80. Kai ka auna taka tafiyar da Google Maps, kada ka ƙiyasta da ka. Kilomita 80 a kan 17 zai ba ka yunit 13.6. Sai dai ba duk wutar da ta fita daga soket ke shiga batir ba, kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tafiya a zafi, kamar yadda kan cajarka ke ɗumi. Saboda haka abin da mita za ta cire ya kai yunit 16 a kowace ranar tafiya. Riƙe wannan 16 ɗin, duk sauran maganar a kanta take.

Wutar gida

Cajar da ke zuwa da mota, wadda ake sokawa a soket ɗin bango, yawanci tana jan amfiya 10. Idan wuta cikakka ce, bolt 230, wannan kilowat 2.3 ke nan, yunit 2.3 a kowace awa. Raba 16 da 2.3, ka sami awa bakwai. Awa bakwai na wuta mai ƙarfi, kuma a lokacin da motar take gida, wato da dare.

A nan ne maganar rukuni ke shigowa. An raba layukan wuta a Najeriya zuwa Band A har Band E, kuma KEDCO da ke kula da Kano da Katsina da Jigawa a kan tsarin take. Band A alƙawarinsa aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Duba rasit ɗin katinka ka ga inda layinku yake. Amma rukuni yana faɗa maka yawan awanni ne kawai, bai faɗa maka ƙarfe nawa za su zo ba. Awa takwas da suka zo tsakanin hantsi da la'asar ba su amfani motar da ke ajiye a bakin Kantin Kwari.

Don haka kafin ka je wajen dillali, ka yi wata guda kana rubutawa a waya: ƙarfe nawa aka kawo, ƙarfe nawa aka ɗauke. Ƙirga awannin da ke tsakanin magariba da asuba kaɗai. Kuma kada ka dogara da matsakaici, ka dubi mako mafi muni a watan, domin shi ne zai ajiye ka a hanyar Gezawa. Idan taransifomar unguwa ta ƙone, mako nawa ake yi kafin a haɗa kuɗin gyara? Wannan ma amsa ce.

Akwai abu biyu kuma da ba a nunawa a bidiyo. Na farko wuta mai rauni, irin wadda fanka ke juyawa kamar mai jin barci. Idan ta sauka zuwa bolt 180, amfiya 10 ɗin nan kilowat 1.8 kawai zai ba ka, awa bakwai ta koma kusan tara, wata cajar ma sai ta yanke gaba ɗaya ta kunna jar fitila. Ka aro mitar awon wuta wajen mai gyaran waya ka auna soket ɗinku da misalin takwas na dare, lokacin da kowa ya kunna kayansa. Na biyu wayar ƙasa. Cajar mota tana duba ko gidan yana da wayar da aka haɗa da sandar ƙarfe a cikin ƙasa, in babu, da yawansu ba sa farawa. Gidajenmu da dama waya biyu kawai aka ja. Kuma jan amfiya 10 na awa bakwai ba tsayawa ba aikin soket mai araha ba ne, ballantana wayar ƙari ta kasuwa. A ja mata layinta daban daga akwatin wuta da waya mai kauri. Bayan awa ɗaya da fara caji ka taɓa filogin, in ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ko ka ji warin roba, kashe.

Idan wutar ta samu, ribar a fili take. Ko a farashin Band A, wanda ya haura naira 200 kowane yunit tun Afrilun 2024, yunit 16 bai kai naira 4,000 ba. Ƙaramar motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 6.4 a wannan tafiyar, ka ninka da farashin gidan man garinku ka gani.

"Ai sai in tada janareta"

Haka yayana ya ce. Ƙaramin janaretan nan na masu cajin waya a kasuwa ya fita daga lissafi, saboda mafi ƙarancin abin da mota ke karɓa amfiya 6 ne, kusan kilowat 1.4, shi kuwa bai kai kilowat ɗaya ba. Sai babba na fetur. Irinsa yana ɗauke da kilowat 2.3 zai sha wajen lita ɗaya da rabi a awa, awa bakwai kusan lita goma. Ka ga an ƙona lita goma don a guje wa lita shida da ɗoriya, ga ƙara har asuba, maƙwabta na Allah-ya-isa. Janareta maganin ranar da ta ɓaci ne, ba tsarin kullum ba.

Sola, da matsalar da ke cikinta

Rana kam Allah ya hore mana. A yankin Kano, farantan sola na kilowat ɗaya suna ba da kusan yunit huɗu zuwa huɗu da rabi a yini bayan an cire asara, ƙasa da haka idan ƙurar hunturu ta lulluɓe su ba a goge ba, ko a hadarin Agusta. Yunit 16 ke nan yana son faranti takwas masu wat 550.

To ga inda gizo ke saƙa: rana tana fitowa ne lokacin da motar ta tafi Kano. In kana so ka tara wutar har dare, sai batirin gida. Batirin litiyom da aka fi sayarwa, mai bolt 48, yunit biyar yake riƙewa, kuma ba a tatse shi tas. Uku ba za su isa ba, sai huɗu, ga inbata mai ƙarfi. Ka tambayi kuɗinsu ka ɗora a kan kuɗin motar, domin ɓangarenta ne.

Amma sauya mutum ka ga yadda lissafin ke juyawa. Ɗauki wanda aikinsa yake nan gida, tsakanin Minjibir da Kunya da Wasai, Kano kuwa sau biyu a mako. Tafiya biyu yunit 32 ne. Motarsa na zaune a gida kwana biyar. Da faranti shida da batirin gida ɗaya, wanda aikinsa kawai ya riƙe wutar in gajimare ya gifta, zai saita cajar a amfiya 8 daga goma na safe zuwa uku na rana, ya sami kusan yunit tara a yini. Kwana huɗu sun biya tafiya biyun. A ganina wannan mutumin ne motar ta dace da shi, shi da wanda wurin aikinsa a Kano ke kan layi mai kyau kuma an yarda ya soka a can.

Tashar caji ta hanya kuwa, kada ka sa ta a lissafi. Hukumar NADDC ta gina wasu masu sola a jami'o'i, ciki har da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, amma wanda batirinsa ya ƙare tsakanin Gezawa da Minjibir babu wanda zai kawo masa wuta a galan. In ma ka sami tasha, sai bakin ya dace: motocin da aka ƙera don kasuwar Sin GB/T ne bakinsu, na Turai Type 2 da CCS2. Ka ɗauki hoton bakin motar kafin a yi ciniki.

Yayana dai ya fara rubuta awannin wutar gidansa, ya kuma kira mai wayarin ya duba masa wayar ƙasa. Mun ajiye maganar mota sai wata ya cika.