Kwana Nawa Kuɗinka Ke Yi a Hanya?

Kowace shekara, bayan an sauko daga Sallah, sai ka ratsa kasuwar Singa ko Kantin Kwari ka tarar da shagon da ake cincirindo a bakinsa da azumi ya zama wayam. Ba gobara, ba sata. Ka tambayi mai shi, ya rantse maka bai taɓa sayar da kwali ɗaya a kan faɗuwa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ya karya shi lissafin kwanaki ne, shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi wannan jan kunne.

Ya kai ɗan'uwa, kuɗin da ka zuba a kasuwa matafiyi ne, kamar fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro a zamanin da. Madugu ba ya auna guzuri da yawan ribar da ke jiransa a Kano. Da kwanakin tafiya yake aunawa, zango nawa zuwa, zango nawa dawowa, kogi nawa zai tsare ayari. In guzurin wata biyu ya ɗauka tafiya ta kai wata uku, to, jakuna za su faɗi a daji ko da kuwa goron da ke bayansu ya isa sayen gari. Haka nairarka take. Tana yada zango a sito tana haja, ta tashi ta yada zango a hannun mai cin bashi, sannan ta dawo aljihunka. Sauƙin da kake samu ɗaya ne, wato kwanakin da dila ya ɗaga maka kafin ka biya shi.

Bari mu buga misali. Ɗan kasuwa ne mai sayar da sukari da taliya, kullum kayan naira 100,000 ke fita daga shagonsa, a farashin sari. Kaya kan yi kwana 30 a sito. Masu kantuna da yake ba wa bashi kan biya bayan kwana 20. Dilansa kuwa kwana 15 ya ba shi. Haɗa 30 da 20, ka cire 15, saura 35. Kwana 35 ke nan kuɗinsa ke yi a hanya, kuma kowace rana dubu ɗari ce, don haka sai yana da naira 3,500,000 tasa ta kansa shagon zai ci gaba da juyawa.

Yanzu ga inda ake halaka. Masu bashi suka fara “Alhaji, a ƙara haƙuri,” shi kuma kunya ta hana shi magana, wannan suruki ne, wancan sahu ɗaya suke sallah. Kwana 20 ya koma 40. Tafiyar ta zama kwana 55, jarin da ake bukata ya zama 5,500,000. Miliyan biyu ke nan, alhali bai ƙara cinikin ko sisi ba. In ribarsa 5,000 ce a rana, sai ya tara ta kwana 400 bai ci bai sha ba kafin ya cike wannan rami. Dila kuwa ba ruwansa, ran sha biyar zai aiko. Sa'an nan azumi ya zo ciniki ya ninka, Alhaji yana murna, bai san bukatar jari ma ta ninka ba.

Wannan sakaci ne, kada wanda ya kira shi kirki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umarni da a rubuta shi a kuma ambaci ajalinsa. Amma ka buɗe littafin wasunmu, suna da adadi kaɗai za ka gani, ba ranar karɓa, ba ranar biya. Kai kuma mai riƙe kuɗin mutane alhali kana da halin biya, ka sani zalunci kake yi, kuma za a tambaye ka.

Gane ciwon ba wuya. Duk Juma'a ka haɗa jimlar bashin da kake bi, ka raba da cinikin bashi na rana guda. Abin da ya fito shi ne kwanakin da kuɗinka ke yi a hannun mutane. In yana hawa mako bayan mako, ka tsayar da sabon bashi ga duk wanda ajalinsa ya wuce, ko wane ne.

Sauran biyun, wato kwanakin sito da na dila, a taƙaice. Kayan da suka yi kwantai kuɗi ne a ɗaure, gara ka karya farashi su fita. Dila kuma ka nemi ƙarin kwanaki tun wajen ciniki, baki da baki. In ka saɓa masa ajali, gobe kuɗi hannu zai ce, kwana 15 ɗin nan su tafi, 35 ta koma 50.