Idiyofatik: Kalmar Da Likita Ke Rubutawa In Bai Ga Dalilin Cuta Ba

Sau da yawa mutum yakan fito daga asibiti riƙe da takardarsa, ya kai wa wani mai ilmin boko ya karanta masa. A jikin sunan cutar sai a ga an rubuta wata kalma haka, idiopathic, watau idiyofatik. In aka tambayi malamin asibiti ma'anarta, sai ya ce, "Ba a san dalilin cutar ba." Daga nan sai hankalin majiyyaci ya tashi. Wani ya ce likita ya kasa, wani kuwa ya ce ai dā ma ciwon ba na asibiti ba ne, ya tattara ya koma gida. Wannan kuskure ne, kuma yakan jawo hasara.

Asalin Kalmar

Kalmar daga harshen mutanen Girka aka samo ta. Kashi biyu ce: idiyos, watau abin da ke na mutum shi kaɗai, da fatos, watau ciwo. In an haɗa su, ma'anar ita ce ciwon da ya taso don kansa, ba wata cuta da aka gani ta haife shi. Saboda haka kalmar ba sunan cuta ba ce, bayani ne a kan asalinta. Likita ya san cutar, ya san yadda takan tafi da yadda takan ƙare, sau da yawa ma ya san maganinta. Abin da ya ɓuya shi ne mafarinta kaɗai.

Misali: Shanyewar Ɓarin Fuska

A ce ga wani tela mai shekara 35. Ya tashi da asuba zai yi alwala, ya kai ruwa baki zai kurkure, sai ruwan ya riƙa zuba ta gefen dama. Ya duba madubi, ya ga bakinsa ya karkace zuwa hagu, idonsa na dama kuma ba ya rufuwa. Mutanen gida suka ce iska ce ta buge shi. Shi kuwa ya tafi asibiti a ranar.

Akwai jijiya guda a kowane ɓarin fuska wadda ke ɗauke da umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa naman goshi, da fatar ido, da leɓɓa. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, Charles Bell, shi ya bayyana aikinta a 1821, don haka ake kiran wannan shanyewa da sunansa. Jijiyar tana ratsawa ta wata 'yar siririyar kafa a cikin ƙashin da ke kusa da kunne. In ta kumbura ba ta da wurin buɗawa, sai ƙashin ya matse ta, umarni ya daina wucewa. To, abin tambaya shi ne, me ya kumbura ta?

Yadda Likita Ke Bincike

Da farko likita zai ce wa tela ya ɗaga girarsa. Wannan ba wasa ba ne. Naman goshi yana samun umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa duka biyu. In ciwon a ƙwaƙwalwa yake, irin wanda ke kawo shanyewar ɓarin jiki, galibi baki zai karkace amma goshi ya ci gaba da yamutsewa. In kuwa jijiyar fuska ce da kanta ta kamu, goshin ma ba zai motsa ba. Goshin tela na dama bai motsa ba. Likita ya gwada ƙarfin hannuwansa da ƙafafunsa, ya sa shi ya yi tafiya, ya ga duk lafiya lau.

Sa'an nan ya haska cikin kunne, ko akwai ruwa ko mugunya, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa. Ya taɓa gindin kunne da muƙamuƙi, ko akwai ƙari. Ya duba fata, ko akwai tabon da ba ya jin taɓi, gama kuturta ma takan kama wannan jijiya. Ya tambaya ko ya faɗi ya bugu a ka. Ya auna ƙarfin bugun jini, ya sa aka gwada sukari. Ya kuma tambayi yadda abin ya fara, domin irin wannan shanyewa takan kai iyakarta cikin kwana uku. Wadda ke ƙaruwa sannu a hankali har makonni, wannan wata aba ce dabam.

Da duk waɗannan suka fito babu kome, sa'an nan ne likita ya ɗauki alƙalami ya rubuta idiyofatik. Kun ga ashe kalmar a ƙarshen bincike take zuwa, ba a farkonsa ba.

Don Me Ba A Bar Wurin Fili Ba?

Na ɗaya, don gaskiya. Likitoci da dama suna zaton wata ƙwayar cuta da ke kwance a jijiya ce ke farkawa ta kawo kumburin, amma ba a tabbatar da haka ga kowane majiyyaci ba, zato kuwa ba a rubuta shi a matsayin hujja. Na biyu, kalmar saƙo ce ga likitan da zai karanta takardar nan gaba, cewa an nemi sanannun dalilai ba a samu ba. Na uku, tana nuna hanyar magani. Da an ga mugunya a kunne, da kunnen za a yi wa magani. Tun da ba a gani ba, sai a fuskanci kumburin.

Maganin Tela

An ba shi ƙwayar rage kumburi mai suna firedinisolon, ta kimanin kwana 10. Amfaninta ya fi yawa in an fara sha cikin awa 72 da kamuwa, shi ya sa zaman jira a gida yake hasara. An kuma ba shi maganin ɗigawa a ido, aka ce ya rufe fatar idon da filasta in zai kwanta, ya sa tabarau in zai fita cikin ƙura. Idon da ba ya ƙiftawa yakan bushe, ya yi gyambo, har gani ya lalace.

Mafi yawan masu wannan ciwo sukan fara ganin sauƙi cikin mako uku. Wajen bakwai cikin goma sukan warke sarai ko ba magani, da magani kuwa adadin yakan ƙaru.

Kalmar Ba Hukuncin Har Abada Ba Ce

A 1907 wani likitan Amirka, Ramsay Hunt, ya bayyana wata irin shanyewar fuska mai zuwa da ƙuraje a kunne. Yanzu an san ƙwayar cutar ƙarambau ce ke kawo ta, tana da sunanta dabam, ana kuma ƙara mata maganin ƙwayar cutar. Haka ilmi ke yi: duk dalilin da aka gano, sai a fid da masu shi daga ƙarƙashin wannan kalma.

Haka kuma yake ga mutum guda. Ƙurajen kan fito wani lokaci bayan fuska ta riga ta shanye. Saboda haka in tela ya ga ƙuraje a kunne, ko ji ya ragu, ko hannu ya yi nauyi, ko ɗaya ɓarin ma ya kamu, ko ido ya yi ja yana zafi, lalle ya koma asibiti nan da nan. In kuma wata uku ya cika babu alamar motsi a fuskar, sai a sāke bincike, watakila har da hoton cikin kai.

To, jama'a, wanda ya ga wannan kalma a takardarsa, ya tambayi likita abu uku: waɗanne cututtuka aka nema ba a samu ba, wace alama ce za ta sa ya dawo da gaggawa, kuma yaushe ne ranar komowa. Ya adana takardar, ya zo da ita ran nan.