Amsoshin Tambayoyinku: Manhajarmu ta mutu awa guda, yaya zan rubuta rahoton?

Tambaya: Malam, ni ɗan Achilafiya ne, mu huɗu muke kula da wata manhaja da masu shagon POS a Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa suke sayar da kati da data ta cikinta. Ranar Laraba da yamma na ɗora sabon gyara a uwar garke, sai komai ya tsaya cak har awa guda. Na manta ban ƙara wani sabon gurbi a rumbun bayanai ba, alhali gyaran yana buƙatarsa. Yanzu oga ya ce in rubuta rahoto. Shin takardar ban haƙuri zan rubuta, ko yaya ake yi?

Amsa: Ban haƙuri na masu shagunan ne, kuma layi uku a WhatsApp ya ishe su. Rahoton kuwa naku ne ku huɗun, aikinsa ya nuna inda awa gudan nan ta tafi, da abin da ya bai wa mantuwar mutum ɗaya damar tsayar da kasuwar mutane a ƙananan hukumomi huɗu.

Kafin ka rubuta kalma ko ɗaya, tattara lokuta. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, domin wanda ke cikin firgici minti biyar yakan zame masa ashirin. Duba kundin uwar garken, da saƙonnin zaurenku na WhatsApp, da jerin kiran da ya shigo wayoyinku. Idan da git kuke aiki, wannan zai nuna maka gyare-gyaren ƙarshe da lokacin da aka ajiye kowanne:

```
git log -5 --date=iso
```

Amma lokacin ajiye gyara daban yake da lokacin ɗora shi, na biyun kake nema. Akwai kuma tarkon da ya sha kama mutane: uwar garke da yawa agogonsu a UTC yake, mu kuwa muna gaba da shi da awa ɗaya cif. Matsalar da ta ɗauki awa guda, in ka gwama agogon biyu, sai ta zama awa biyu a takarda, ko ta ɓace gaba ɗaya. Zaɓi agogon Najeriya, ka faɗi haka a saman shafi.

Ba ka ba ni lokutanka ba, don haka bari in ƙaddara. A ce ka ɗora gyaran da ƙarfe 4:05, ka rufe kwamfuta ka tafi sallar la'asar. Babu wanda ya san an samu matsala sai 4:23, da wani mai shago a Ɓaɓura ya bugo yana faɗa. Daga nan har 4:41 kuna zargin netwok, kuna zargin kamfanin da kuke sarar data a wurinsa. Da 4:41 wani ya buɗe kundin ya ga manhajar tana neman gurbin da babu shi. Sai aka tarar mayar da tsohon zubi yana buƙatar mabuɗin da oga kaɗai ke riƙe da shi, shi kuma yana kan hanyar Roni, wayarsa ba ta shiga. An same shi 4:58, komai ya dawo 5:05.

To dubi lissafin. Minti 18 sun tafi kafin a sani, 18 wajen laluben dalili, 17 wajen jiran mabuɗi, 7 kacal wajen gyara. Mantuwarka ce ta kunna wutar, ba na musu, amma da akwai abin da ke gwada manhajar duk minti ɗaya yana aiko da saƙo in ta yi shiru, da kuma mutum biyu na riƙe da mabuɗin, wannan mantuwar dai ba za ta ci fiye da minti goma ba. Shi ya sa rahoton da ya tsaya a kan «wane ya yi sakaci, an ja masa kunne» nake ganinsa ɓarnar takarda. Gobe wani zai manta wani abu daban, minti 53 ɗin nan kuma suna nan suna jiransa. Ga wata illar: ranar da aka wanke mutum a gaban abokan aikinsa, ranar kowa ya koyi ɓoye kuskurensa.

Akwai rahoton da nake so ka nema ka karanta. Ranar 2 ga Yuli, 2019, kamfanin Cloudflare, wanda ɗimbin shafukan intanet ke bi ta cikinsa, ya ɗora sabuwar ƙa'idar tace masu kutse da 2:42 na rana agogonmu. Wani ɗan guntun rubutu a cikinta ya sa injinansu a faɗin duniya suka shaƙe da aiki, shafuka suka koma nuna 502 har minti 27. Bayan kwana goma, John Graham-Cumming, shugaban sashen fasaharsu a lokacin, ya fitar da rahoto minti bayan minti. Bai ambaci sunan injiniyan da ya rubuta ƙa'idar ba. Abin da ya tona shi ne irin wannan gyara yana isa duk duniya cikin daƙiƙoƙi ba tare da an fara gwada shi a kan 'yan kaɗan ba, kuma wata kariya da za ta hana injinan shaƙewa an cire ta bisa kuskure tun kafin ranar. Da suka zo kashe ƙa'idar ma sai ƙofar shiga tsarinsu ta ƙi buɗuwa, domin ita ma ta kan hanyar da ta mutun take bi. Ka ga ogan da ke hanyar Roni ba ku kaɗai ke da shi ba.

A naka rahoton, rubuta «an ɗora», «mai ɗorawa ya ga», ka kuma faɗi abin da kowa ya sani a daidai lokacin, ba abin da kuka gano daga baya ba. Tambayi kanka me ya sa gyaran ya yi aiki a kwamfutarka. Amsar galibi ita ce ka ƙara gurbin da hannu a rumbun gwajinka tun makon jiya, matakin kuma ba a rubuce yake a ko'ina ba. Wannan jimlar ta fi «na manta» amfani, domin tana nuna abin da za a gyara.

Sashen da matasa suka fi tsallakewa shi ne na kuɗi, ku kuwa da kuɗin mutane kuke aiki. «An samu tangarɗa» ba bayani ba ne. Ƙirga ciniki nawa aka gwada tsakanin 4:05 da 5:05, nawa aka cire kuɗi data ba ta je ba, nawa aka cire sau biyu saboda mai shago ya yi ta dannawa. Gwama kundinku da na wanda kuke sara a wurinsa, layi da layi. In ba ku gama ba, rubuta adadin da ya rage da ranar da za a kammala mayar wa mutane haƙƙinsu.

Ƙarshen rahoton ayyuka ne, kada su wuce uku ko huɗu, kowanne da sunan mai yi da rana. A nan ne kaɗai suna ke da amfani. «Za mu ƙara kula» ba aiki ba ne, domin babu ranar da za a ce an gama shi. Amma a sa ɗora gyara ya ƙi tafiya in rumbun bai samu nasa sauyin ba, a ba mutum na biyu mabuɗi, a gwada mayar da tsohon zubi da gangan wata safiya da ciniki bai kankama ba, waɗannan ana iya dubawa a ce an yi ko ba a yi ba. Ni da zan ƙara ɗaya: wanda ya ɗora gyara ya zauna minti goma sha biyar yana kallo, in lokacin sallah ya gabato kuwa a bari sai an idar.

Shafi biyu sun isa. Rubuta shi cikin kwana biyu ko uku, ka karanta wa sauran ukun su gyara maka lokutan kafin ya je hannun oga.